Yadda Ake Haɗa Kwamfuta ko Waya da Talabijin ta Miracast, da Lokacin da Ya Kamata Ka Koma wa Kebul

Wani malami da ke koyar da Excel a wata cibiyar koyon kwamfuta ya sayi ɗan dongul, wato ƙaramar na'urar nan mai kama da filash da ake sokawa a bayan talabijin, don ya huta da jan kebul daga teburinsa zuwa bango. Ranar farko komai ya tafi daidai, domin hotunan darasi kawai yake nunawa. Rana ta biyu da ya fara jan maus yana nuna wa ɗalibai inda za su danna, sai ya ga kibiyar talabijin tana biyo hannunsa a baya kamar akuyar da ake ja da igiya. Ya ɗauka dongul ɗin jabu ne. Ba lallai ba ne. Haka Miracast yake aiki, kuma idan ka fahimci inda jinkirin yake fitowa za ka san wanda za ka iya ragewa da wanda ba ya raguwa ko nawa ka kashe.

Abin da ke faruwa tsakanin allon biyu

Miracast ƙa'ida ce da ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fitar a 2012. Kwamfutarka ko wayarka tana ƙulla alaƙa kai tsaye da dongul ɗin ta hanyar da ake kira Wi-Fi Direct, ba tare da ta bi ta rauta ba. Shi ya sa ba ya bukatar intanet kuma ba ya cin data. Idan bidiyon YouTube kake haskawa, saukar bidiyon zuwa wayarka ne ke cin data, aika shi zuwa talabijin kyauta ne.

Amma hoton ba ya tafiya ɗanye. Kwamfutar tana ɗaukar abin da ke kan allonta, ta matse shi ya zama bidiyo da tsarin H.264, ta yayyanka shi ta aika ta iska. Dongul ɗin yana karɓa, ya ɗan tara kaɗan a ajiye don kada hoto ya tsaya idan wani yanki ya makara, ya warware matsin, sannan ya miƙa wa talabijin. Ita ma talabijin tana da nata gyare-gyaren hoto kafin ta nuna. Kowane mataki yana cin lokacinsa. Kebul na HDMI kuwa ba ya matse komai, ba ya tara komai, saboda haka jinkirin talabijin kaɗai ke rage masa.

Don ka riƙe ma'auni a kanka: allon da ke sauya hoto sau 60 a sakan ɗaya yana ba kowane hoto kusan milisakan 17. Idan an ce jinkiri milisakan 170 ne, ana nufin talabijin tana bayan kwamfutarka da hotuna goma.

Kafin ka sayi komai, duba ko na'urarka ta iya

A kwamfuta, Windows ya fara zuwa da Miracast tun daga 8.1, amma samun Windows 10 ko 11 bai wadatar ba. Dole katin waifai da katin hoto su yarda da shi duka biyun. Buɗe Command Prompt ka rubuta:

```
netsh wlan show drivers
```

Kusa da ƙarshen abin da ya fito za ka ga layin `Wireless Display Supported`. Idan ya ce `Yes`, kuma ya nuna `Graphics Driver: Yes` da `Wi-Fi Driver: Yes`, ka wuce. Idan ɗaya ya ce `No`, sabunta manhajar wannan katin daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ka sake gwadawa. Laftof ɗin gwanjo da aka sake ɗora wa Windows a kasuwa sun fi faɗawa wannan matsala, domin sau da yawa ba a saka musu manhajar katin hoto ta asali ba. Kwamfutar tebur da ba ta da katin waifai kuwa ba za ta ƙulla wannan alaƙa ta kai tsaye ba.

A waya abin ya ɗan rikice. Android ya karɓi Miracast a siga ta 4.2, daga baya Google ta cire shi daga Android 6.0 ta koma kan nata tsarin na Chromecast. Kamfanoni da yawa sun ci gaba da saka shi da kansu, kowa da sunan da ya raɗa masa. A Samsung Smart View ne. A wasu za ka ga Cast, Screen Cast ko Wireless Display a cikin jerin da ake jawowa daga saman allo. Wayoyin Pixel ba su da shi. iPhone da MacBook ma ba su da shi, AirPlay suke amfani da shi, tsari ne daban ƙwarai.

Sannan ka duba talabijin ɗinka. Masu zamani da yawa suna da Miracast a cikinsu, ƙarƙashin suna kamar Screen Share ko Screen Mirroring. Idan taka tana da shi, ajiye kuɗin dongul.

Haɗawa

Soka dongul ɗin a ramin HDMI na talabijin ko majigi, ka lura da lambar ramin. Idan an haɗo da ɗan guntun kebul na ƙari a cikin kwalin, yi amfani da shi ka fito da dongul ɗin gefe inda zai hango ɗaki. Talabijin da aka manna a bango takan ɓoye shi tsakanin ƙarfenta da siminti, wuri mafi muni ga siginar waifai, kuma mafi zafi.

Yanzu wuta, kuma a nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Ramin HDMI ba ya iya ciyar da dongul, saboda haka yana da wani kebul na USB. Kowa yakan soka shi a ramin USB na talabijin don shi ne kusa. Ramin USB 2.0 na yau da kullum miliamfiya 500 aka tsara ya bayar, alhali dongul da yawa suna neman amfiya 1 a kan bolt 5. Alamar yunwar wuta a fili take: dongul ya kunna lafiya, ya nuna hoton maraba, amma da ka fara haska bidiyo sai ya mutu ya sake tashi. Idan ka ga haka, ba shi kan cajar waya mai kyau a soket nasa. Wannan kaɗai yakan warware abin da ake ta zargin dongul da shi.

Ɗauki rimot ka zaɓi ramin HDMI ɗin da ka soka. Za ka ga sunan dongul a allo. Masu araha da ake sayarwa da sunaye irin su AnyCast sukan zo da yanayi biyu, ɗaya na Miracast, ɗaya na AirPlay da wani tsarin daban mai suna DLNA, kuma akwai ɗan maɓalli a jikinsu da ke sauyawa. Idan ba a yanayin Miracast yake ba, wayarka za ta yi ta nema har gobe ba ta gan shi ba.

A Windows, tabbatar waifai a kunne yake ko da ba ka haɗu da kowace rauta ba, sannan ka danna `Windows + K`. Zaɓi sunan dongul. Idan ya nemi lambar PIN, tana kan allon talabijin. Bayan ya haɗu, `Windows + P` zai ba ka zaɓi: Duplicate yana nuna abu ɗaya a allon biyu, Extend yana mai da talabijin allo na biyu mai zaman kansa. Mai koyarwa Duplicate ya fi masa. A waya, jawo jerin sama, danna Smart View ko Cast, zaɓi sunan. Kafin ka yi haka a gaban jama'a, kunna Do Not Disturb. Miracast madubi ne, duk saƙon da ya shigo wayarka zai bayyana a katon allo kowa ya karanta.

Idan sunan ya fito amma haɗin ya ƙi kammaluwa, kashe manhajar VPN idan kana da ita, ka duba manhajar kare kwamfuta daga cuta, domin katangar wasu tana toshe hanyar. Idan har yanzu ya ƙi, shiga jerin na'urorin da ke cikin Settings ka goge dongul ɗin, ka sake haɗawa daga farko.

Idan gefunan hoto sun yanke, misali layin ƙasa na Windows ya ɓace rabi, talabijin ce ke faɗaɗa hoton. Shiga saitin girman hoto ka zaɓi Just Scan ko Screen Fit, gwargwadon sunan da taka take amfani da shi.

Auna jinkirin da kanka

"Yana ɗan makara" ba ma'auni ba ne, kuma ba za ka san ko gyaranka ya yi amfani ba sai da lamba a hannu. Gwajin ba ya bukatar komai sai wata wayar mai kyamara.

Sa kwamfutar a Duplicate. Buɗe agogon awon gudu wanda ke nuna milisakan, akwai su da yawa da ke buɗewa a burauza. Ajiye laftof ɗin kusa da talabijin yadda allon biyu za su shiga hoto ɗaya. Kunna agogon, ka ɗauki hoto sau goma, kana barin sakan biyu ko uku a tsakani. A kowane hoto, cire lambar talabijin daga lambar laftof.

A ce hoton farko ya nuna 12.480 a laftof da 12.310 a talabijin. Bambancin milisakan 170 ke nan. A ce wasu daga cikin sauran sun ba ka 150, 185, 160, 170, sai ɗaya ya ba ka 420. Kada ka haɗa su ka raba. Abu biyu kake nema. Na farko shi ne lambar da ta fi yawan fitowa, a nan wajen 170, ita ce jinkirinka na kullum. Na biyu shi ne wannan 420 ɗin da ta fita daban. Ita ce shaidar cewa iska tana da cunkoso, wasu yankunan hoto sun ɓace sai da aka sake aiko su. A wajen aiki, ita ce ta fi ban haushi. Hannu yana iya sabawa da jinkirin da ba ya sauyawa, amma ba ya sabawa da wanda yanzu 160 ne, an jima 400.

Kada ka damu da bambancin milisakan 10 ko 15 tsakanin hotuna. Allon kansa sau ɗaya yake sauyawa a kowane milisakan 17, saboda haka gwajin ba zai fi haka daidaito ba. Wani lokaci ma lambar ƙarshe za ta fito a cakuɗe, sai ka yar da wannan hoton.

Yanzu mataki da yawancin mutane ke tsallakewa: cire dongul, ka sa kebul na HDMI a ramin da ka cire shi, ka maimaita gwajin. A ce ya ba ka 70. To wannan 70 ɗin na talabijin ne, ba na Miracast ba, kuma rabon dongul da iska 100 ne kawai. Da ka san haka ka san inda za ka fara gyara.

Rage abin da ke raguwa

Fara da talabijin don ita ce mafi sauƙi. A saitin hoto nemi Game Mode ka kunna wa ramin da dongul yake. Wannan yana kashe gyare-gyaren da take yi wa hoto, musamman mai santsar da motsi, wanda dole ya jira hoto na gaba kafin ya nuna na yanzu. A talabijin da yawa wannan kaɗai yana zubar da milisakan masu yawa, kuma ribar tana nan ko da daga baya ka koma kebul.

Sai zangon waifai. Akwai na 2.4 GHz da na 5 GHz. Na farkon yana da tashoshi uku kacal da ba sa shiga juna, 1 da 6 da 11, kuma a nan ne bulutut, maus mara kebul, da hotsifot ɗin kowace waya suke turereniya. Ka tuna ajin malamin nan: ɗalibai ashirin, rabinsu sun kunna hotsifot don laftof ɗinsu. Da safe kafin su iso dongul yana aiki sumul, da sun cika ɗaki hoto ya fara farfashewa gida-gida. Saboda haka ka yi gwajinka lokacin da ɗakin ya cika, ba lokacin da kake kai kaɗai ba. Kuma in za ka saya, nemi wanda aka rubuta 5 GHz ko Dual Band a kwalinsa. Mafi araha yawanci 2.4 kaɗai suke da shi. Ka kula, wasu kwalaye suna rubuta 5G, suna nufin wannan zangon, ba sabis ɗin waya ba.

Akwai wata dabara da ba a cika sani ba. Katin waifai ɗaya ne a laftof ɗinka, shi ke magana da rauta, shi kuma ke magana da dongul. Idan ka haɗu da rauta a 2.4, haɗin Miracast yakan bi wannan zangon ko da dongul ɗin ya iya 5. Saboda haka haɗa laftof da rauta a 5 GHz tukuna, sannan ka danna `Windows + K`. Mafi kyau ma, ba laftof ɗin intanet ta kebul ko ka cire shi daga rauta in ba ka bukatar intanet, katin ya zauna da aiki ɗaya. Saukar da babban fayil yayin da kake haskawa kamar cusa tirela ne a layin da babur ke bi.

Nisa ma yana da nasa. Microsoft ta ba nata dongul ɗin iyakar kusan mita 7, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ga sauran. Ɗaki ɗaya, babu bango a tsakani. Jikin mutane ma yana tare sigina, don haka laftof a kan tebur ya fi laftof a cinya a bayan taro.

A Windows 10, bayan haɗi akwai ɗan layi a saman allo mai alamar saiti, inda za ka zaɓi Gaming, Working ko Watching videos. Na bidiyo yana ƙara tari don hoto ya yi santsi, wato yana ƙara jinkiri da gangan. Na wasa yana rage tarin, jinkiri ya sauka amma hoto ya fi saurin tsinkewa. Mai jan maus ya gwada Gaming ko Working. Ka kuma sa laftof a caji, domin a kan batir yakan rage ƙarfin katin waifai da na hoto. Idan har yanzu yana wahala, sauke girman allo daga 1920×1080 zuwa 1280×720, abin da za a matse ya ragu da fiye da rabi.

Bayan duk wannan, sake ɗaukar hotunanka goma. Za ka iya ganin 170 ta koma wajen 100, tsalle-tsallen nan na 400 kuma sun ɓace. Wannan nasara ce. Amma matsewa da warwarewa suna nan, ba za su kai sifili ba.

Tarkon sauti

Miracast yana aika sauti da hoto tare a dunƙule, saboda haka idan sautin daga talabijin yake fita, baki da murya suna tafiya daidai, jinkirin bai dame ka ba. Fim da ya makara da kashi ɗaya cikin biyar na sakan fim ne dai. Matsala tana zuwa a wajen taro ko biki, inda aka ja sauti daga ramin iyafis na laftof zuwa amfilifaya, hoto kuma ya bi ta iska. Murya za ta riga baki, kuma ido yana kama wannan da wuri. Maganinsa, ɗauko sautin daga bayan talabijin ko majigi zuwa amfilifaya, don ya bi hanyar da hoto ya bi. Idan babu ramin fitar da sauti a can, ka koma kebul gaba ɗaya.

Af, masu gidan kallon ƙwallo da ke jin maƙwabta sun yi ihun ci tun kafin ƙwallo ta shiga a allonsu, wannan ba laifin dongul ba ne. Jinkirin kallo ta intanet ne, kuma da sakanni ake lissafa shi. Kebul ba zai gyara shi ba.

Inda kebul ya fi

Ni dai ga yadda nake yanke hukunci: idan hannunka yana jiran abin da idonka ya gani a babban allo kafin ya motsa, sa kebul. Wasan bidiyo, zane, gyaran bidiyo, koyar da manhaja inda kake kallon talabijin kana jan maus, duk suna cikin wannan. Idan kuwa kana kallon laftof ɗinka ne jama'a suna kallon bango, su ba su san da wani jinkiri ba, dongul ya ishe ka.

Na biyu, ƙananan rubutu. Matsin H.264 yana rage bayanin launi, saboda haka jan rubutu a kan shuɗi ko siraran layukan jadawali sukan yi dishi-dishi, kuma da ka gangara ƙasa da sauri sai shafin ya dagule na ɗan lokaci kafin ya washe. Ga mai nuna lissafin kuɗi a taro wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na uku, manhajojin fim na biya irin su Netflix. Suna neman kariyar hana kwafe fim da ake kira HDCP a duk hanyar da hoto zai bi, wasu kuma suna hana madubi kwata-kwata. Alamar ita ce baƙin allo, ga sauti ga fassarar ƙasa amma babu hoto. Babu saitin da za ka taɓa. Ko ka buɗe manhajar a talabijin ɗin kanta, ko ka sa laftof da kebul.

Na huɗu, taron da ba ya jure katsewa. Idan aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, kebul yana dawo da hoto da zarar talabijin ta kunna. Dongul sai ya tashi, ka sake nemansa, ka sake haɗawa, manyan baƙi suna kallonka. Aiki na sa'o'i da waya ma haka, matsewar nan tana zafafa ta tana shanye batir.

Idan ka yanke shawarar kebul, HDMI na yau da kullum yana kai hoton 1080p lafiya zuwa wajen mita 10. Da ka doshi 15 abin ya koma sa'a da ingancin kebul, alamarsa kuwa ɗige-ɗige masu walƙiya ko allo ya riƙa ɗaukewa. Don dogon zaure, sayi akwatuna biyun nan da ke ɗora HDMI a kan kebul ɗin intanet na Cat6, da yawansu an yi su don mita 50 ko fiye. Tsohon majigi mai ramin VGA kaɗai yana bukatar ɗan akwatin da ke juya HDMI zuwa VGA, kuma VGA ba ya ɗaukar sauti, sai ka nemi mai ramin sauti a gefensa.

Waya ce ke da sharaɗi. Ramin USB-C ba ya nufin tana fitar da hoto. Sai idan tana da abin da ake kira DisplayPort Alt Mode, wanda manyan wayoyi irin jerin Galaxy S suke da shi, yawancin masu matsakaicin farashi kuma ba su da shi. Ka soka kebul ɗin USB-C zuwa HDMI, talabijin ta ce No Signal, ka ɗauka kebul ne ya lalace. Je shago da wayarka a gwada a gabanka kafin ka biya. Idan ba ta fitarwa, Miracast ne hanyarka, ko ka kwafe fayil ɗin a filash ka soka a talabijin.

Shi malamin nan bai jefar da dongul ɗinsa ba. Ya ja HDMI mai mita 10 ta gefen bango zuwa teburinsa a ramin HDMI 1, ya kunna masa Game Mode, da shi yake koyarwa. Dongul yana ramin HDMI 2 da cajarsa daban, don ɗalibin da zai nuna aikinsa daga kujerarsa ya danna `Windows + K` ba sai ya taso da laftof ba. Rimot ne ke sauyawa tsakaninsu.